Kulata ta ƙi zama a kan teburin da manhaja ta zana min, sai ka ce tana shawagi

MamanIhsan_Kicin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da kayan kicin ta Instagram, kuma tun shekaranjiya nake kokawa da hoto ɗaya. Kular abinci ce mai ruwan madara da ɗamarar silba a tsakiya, tsayinta santimita 24, faɗinta 18. Na ɗauke ta a kan kantar shago, na cire bayan da Photoroom, sannan na sa manhajar ƙirƙirar hoto ta zana min teburin cin abinci na katako, da taga a hagu, da faranti da kofin shayi. Teburin ya fito gwanin sha'awa. Amma da na ɗora kular, wallahi kamar an manna sitika a jikin firij. Maigidana ya leƙo ya ce wai bokitin fenti nake talla. Na ƙara girma, na rage, na sa inuwa, duk a banza. Ga hoton nan, girmansa 1080 da 1350. Ina na kuskure?

Sadiq_Grafiks: Wa alaikumus salam Hajiya. Inuwa ce kawai matsalarki. Ki shiga Canva ki sa mata Drop, ki rage duhunta zuwa kamar 40, shi ke nan za ta zauna.

MamanIhsan_Kicin: Ai ita ce ke jikin hoton yanzu, Sadiq. Ita na fara sawa.

Ummulkhairi22: Anti ki gwada remove.bg, ni da shi nake cire bayan hoto kuma yana fita tas, ko gashi ba ya bari.

Malam_Habu_Hoto: Ummu, ba cire baya ne ya dame ta ba, gefen kular ya fita lafiya. Hajiya, na sauke hoton na buɗe shi a kwamfuta. Kafin a zo maganar inuwa akwai abin da ya fi ta, kuma shi ne ya sa duk yadda kika ja girman ba ta zauna ba: daga inda aka kalli teburin daban, daga inda aka kalli kular daban.

Ki dubi farantin. A zahiri da'ira ne, amma a hoto ya zama kamar ƙwai a kwance, saboda daga gefe ake kallonsa. Na auna shi, faɗinsa fiksel 520, daga gabansa zuwa bayansa 260. Rabi ke nan cif. Da'irar da ke kwance a kan tebur tana tsukewa zuwa rabi ne idan mai kallo yana sama da ita da kamar digiri 30, wato kamar mutum a tsaye ya ɗan ja baya yana kallon abinci.

Yanzu ki dubi gindin kularki. Shi ma da'ira ne, sai dai rabin gaba kaɗai muke gani. Faɗin 610 ne, lanƙwasar kuma daga gefe zuwa tsakiya ta sauko da 60 kacal. Ninka 60 sau biyu don a haɗa da rabin da ya ɓuya, 120 ke nan a kan 610, ɗaya bisa biyar. Wannan bai wuce digiri 11 zuwa 12 ba. Kantar shagon tana da tsayi, kin ja baya kin ɗauke ta kusan daga gefe. To teburin yana cewa ana kallona daga sama, kular tana cewa ana kallona daga gefe. Ido ba ya buƙatar lissafi kafin ya gane an yi masa ƙarya, shi ya sa maigida ya gani da leƙe ɗaya.

MamanIhsan_Kicin: Ikon Allah. Malam Habu ni ko kusa ban taɓa kallon gindinta ba. To yanzu akwai yadda zan lanƙwasa ta?

Sadiq_Grafiks: Akwai mana. A Photopea, Edit, Transform, sai Distort ko Perspective. Ki ja kusurwoyin sama ki buɗe su kaɗan.

Malam_Habu_Hoto: Sadiq, wannan yana yi a abu mai shafaffen jiki, kamar littafi ko kwalin sabulu da fuska ɗaya kawai ake gani, ko dardumar da aka shimfiɗa. A kula ba zai yi ba. Idan ka kalle ta daga digiri 30 dole ka ga saman murfin sosai, da maƙallin da ke kansa, da ɗan bayan murfin. Waɗannan ba su cikin hoton Hajiya kwata-kwata, kamara ba ta gan su ba. Ja ba zai haifar da abin da babu ba, sai dai ya mayar da kular kamar an taka ta. Bambancin digiri uku ko huɗu ana iya rufa masa asiri. Kusan ashirin kuwa, a'a.

Hanya biyu ce. Ko a sake ɗaukar kular daidai da teburin, ko a sake sa manhajar ta zana tebur daidai da kular. Tunda kayan na hannunki, ta farko ta fi sauƙi, kuma ba sai kin auna digiri ba. Ki ɗauko farantin gaske ki ajiye gefen kular, ki riƙa ɗaga waya kina saukewa har sai farantin a fuskar waya ya zama faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu. A nan za ki tsaya. In kina son awo, ki ja baya kamar santimita 120, wayar kuma ta fi saman teburin da kamar 70. Ki sa zum na 2x don ta cika hoton.

Dan_Maradi: Malam ni ina da tambaya a nan. Me ya sa ba za a auna murfin ba? Shi ai ana ganin da'irarsa gaba ɗaya, ya fi sauƙi da gindi da ake ganin rabi.

Malam_Habu_Hoto: Tambaya mai kyau. Murfin ya fi teburin tsayi da santimita 24, ya fi kusa da tsayin ido, don haka da'irarsa ta fi tsukewa. A wannan tsayuwar da na faɗa, gindi zai ba ka rabi, murfi kuwa wajen kashi 36 cikin ɗari. In ka dage sai murfi ya yi daidai da faranti, ka ɗaga waya fiye da kima. Abin da ke taɓa tebur shi ake gwadawa da abin da ke kwance a tebur.

Zee_Turaruka: Ni tawa matsalar daban ce amma bari in shigo da ita. Kwalaben humra nake ɗauka, kuma kullum sai in ga kan kwalbar ya yi ƙato gindin ya tsuke, kamar za ta faɗo gaba. In na sa ta a hoton madubin ɗaki sai ta zama abar dariya. Na zaci wayata ce ba ta da kyau har na fara tara kuɗin wata.

Hafsat_Pixel: Zee kar ki sayi waya saboda wannan. Matsowa kike yi. In kika kawo waya santimita 20 daga kwalba kina kallonta daga sama, murfin ya fi gindin kusa da kamara sosai, dole ya kumbura. Su kuma hotunan da manhajojin nan ke zanawa yawanci suna kama da wanda aka ɗauka daga nesa, layukan tsaye a miƙe suke. Ki ja baya mita ɗaya ki yi zum. In wayar ba ta da idon zum na daban, ki ɗauka a haka ki yanke, in dai akwai haske zai wadatar wa Instagram.

Baban_Walid: Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Ka loda hoton kayan, ka rubuta wa manhajar ta sa shi a kan tebur, ita za ta juya shi ta yi masa inuwa ta yi komai. Minti ɗaya. Ni haka nake yi wa takalma.

Hafsat_Pixel: Baban Walid, tana yi, amma sake zana kayan take yi, ba ɗora naka take ba. Na taɓa yi wa wata mai man shafawa haka. Hoton ya yi kyau har na tura mata. Sai da ta buɗe shi a babban allo ta kira ni, rubutun jikin robar ya koma wasu haruffa da ba na kowane yare ba, lambar rajistar ta canza, murfi mai layi-layi ya zama sumul. Kunya kamar in nutse. Tun daga ranar, in na bar manhaja ta taɓa wurin, sai na dawo da ainihin hoton kayan na ɗora a leya ta sama. Inuwa da abin da ke kewaye nata ne, kayan kuwa nawa.

Baban_Walid: Takalmi ba shi da rubutu ai.

Hafsat_Pixel: Yana da ɗinki. Ka ƙirga ramukan igiya a hotonka na ƙarshe ka gwada da na shago, ka dawo ka ba mu labari.

MamanIhsan_Kicin: Na dawo. Na sake ɗauka kamar yadda Malam ya ce, da farantin gaske a gefe. Gaskiya yanzu ana ganin saman murfin kuma ta fara kama da abin da ke kan tebur. Saura girman. Da ido nake ja, kuma idona ne ya kai ni ga bokiti.

Malam_Habu_Hoto: Madalla. Farantin nan dai shi zai sake taimakonki. Babban farantin cin abinci yakan kai santimita 26 zuwa 27. Mu ɗauki 26. A hoton ya ci fiksel 520, kowace santimita ɗaya fiksel 20 ke nan a daidai wurin da farantin yake. Faɗin kularki 18, sau 20, ya ba da 360. Ke kuma kin sa ta a 610. Wato kin nuna wa mutane kula mai faɗin santimita 30 da ɗoriya, tsayi kuma 40. Maigida bai yi ƙarya ba.

Abu biyu za ki kiyaye. Da faɗi za ki yi awon, kar ki yi da tsayi, domin kallo daga sama yana gajarta tsayi amma ba ya taɓa faɗi. Sannan 360 ɗin nan na aiki ne kawai idan gindin kular na layi ɗaya da tsakiyar farantin, hagu ko dama da shi. In kin tura ta can bayan tebur dole ta ragu, in kin jawo ta gaba ta ƙaru. In kin gama ki duba lanƙwasar gindin, ya kamata ta sauko da wajen fiksel 90.

Injiniya_Tukur: Malam Habu, a nan ina da ja. Farantin nan ba faranti ba ne, zane ne. Babu wanda ya ce wa manhajar 26 ne. Zai iya zama na cin abinci, zai iya zama ƙaramin na kek mai 20. Na auna kofin shayin da ke gefensa, bakinsa 210 ne. In mun bi lissafinka kofin ya kai santimita 10 da rabi, alhali kofin shayi yawanci 8 ne zuwa 9. To wanne za mu gaskata, kofi ko faranti?

Malam_Habu_Hoto: Ka yi gaskiya Injiniya, kuma ban auna kofin ba. Kofin ya ɗan fi farantin matsowa gaba, bakinsa kuma a sama yake, wannan zai ƙara masa kaɗan, amma ba zai kai haka ba. Manhajar ce ba ta daidaita su ba. Ni dai abin da nake bi shi ne abin da mai kallo zai ɗauka. Wanda ya ga faranti da cokali da cokali mai yatsu a gefe, babban faranti zai kawo a ransa, da shi zai auna kular. Kofin kuwa sai a goge shi ko a rage shi.

Injiniya_Tukur: Ni da zan bi kofin, don shi ne zai tsaya kusa da kular. Amma dai goge ɗaya ya fi barin biyun suna musu. Kuma ku ja layi a gefen teburin na hagu da na dama, da layukan katakon, ku gani ko suna haɗuwa a wuri guda. A hotunan gaske layukan da ke tafiya tare suna haɗuwa a ɗigo ɗaya can nesa. A na manhaja sau da yawa kowanne da inda ya nufa. In kika ga haka Hajiya, kar ki ɓata lokaci, ki sa ta zana wani.

Dan_Maradi: Kowane zane kuma data ce da kuɗi, Injiniya. Mu nan sai dare ake samun hanyar ta yi sauri. Ni shi ya sa nake rubuta mata komai tun farko, kuma nake hana ta cika teburin da tarkace. Ga irin abin da nake sawa:

```
empty wooden dining table, one dinner plate,
camera 30 degrees above table, soft window light from left
```

Ba kullum take jin maganar digirin ba, cikin huɗu wataƙila ɗaya ya zo kusa. Amma rashin tarkace yana rage abin da zai ƙaryata ka.

Hajiya_Bilki_Atamfa: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni abin da ke damuna shi ne halaccin abin. Mace ta ga kula a kan teburin da ba naki ba, a gidan da babu shi a duniya. Wannan ba yaudara ba ce? Ni an taɓa yi min. Na ga jaka a hoto kusa da kujera, na ce wannan za ta ci kayan tafiya. Da aka kawo, ko hijabi biyu ba ta ɗauka.

MamanIhsan_Kicin: Hajiya ai shi ne abin da nake gudu. Da na saki wancan hoton na farko, da mai saye ta zaci kular gidan biki ce, a kawo mata ta mutum uku. Teburin ba shi nake sayarwa ba, amma girman kular amana ne. Zan rubuta awon a ƙasan hoton, in kuma sa ainihin hoton shago a na biyu.

Hajiya_Bilki_Atamfa: To in da hoton gaske a gefe, da sauƙi. Ni dai har yanzu raina bai gama kwanciya da shi ba.

Sadiq_Grafiks: Mu dawo kan inuwa, tunda ni aka ƙi tawa tun farko. Yanzu da kusurwa da girma suka daidaita, ai sai Drop ɗin ko?

Hafsat_Pixel: A'a Sadiq. Ita wannan kwafin siffar abu take yi ta ajiye a bayansa, kamar katin da aka ɗaga daga jikin bango. Shi ya sa take ƙara sa abu shawagi. Abin da ke zaune a tebur inuwarsa a kan tebur take kwanciya, kuma daga gindinsa take farawa.

Anti, ga yadda nake yi a Photopea. Leya biyu a ƙarƙashin kular, duka a kan Multiply. Launin kuma kar ki ɗauki baƙi. Ki ɗebo shi da Eyedropper daga inuwar da ke ƙarƙashin farantin, za ki ga ruwan ƙasa ne mai duhu, saboda katako ne.

Ta farko ita ce ta gindi. Siririn layi mai duhu da ke bin lanƙwasar gindin, ya leƙo waje da fiksel uku ko huɗu kawai, Gaussian Blur kamar 4, Opacity wajen 75. Ƙarama ce har za ki raina ta, amma ki kashe ta ki kunna ki gani. Ita ce ke sa nauyi. Ki duba ƙasan kofin da ke gabanki yanzu, za ki ga wannan baƙin layin ko da a ɗaki mai haske ko'ina.

Ta biyu ita ce doguwar. Wannan ba ke za ki zaɓa mata hanya ba, kofin zai gaya miki. A hotonki tagar na hagu kuma ta ɗan koma baya, shi ya sa inuwar kofin ta tafi dama tana ɗan gangarowa wajenmu. Taki ma can za ta bi. In inuwar kofin ta kai tsayinsa ɗaya da rabi, ta kular ma haka. Kusa da gindi ta yi duhu da kaifi, tana nisa tana dushewa tana bajewa. Ni nakan yi Blur 15 a rabin kusa, 50 a rabin nesa, sannan in goge ƙarshen a hankali.

MamanIhsan_Kicin: Na yi, kuma ta zauna! Amma akwai abin da har yanzu bai yi min ba, na kasa cewa ga shi. Ga sabon.

Injiniya_Tukur: Hasken jikinta ne. Inuwa ta tafi dama, wato haske daga hagu yake, amma ƙyallin da ke jikin kular a dama yake. Gefen da ya kamata ya yi duhu shi ne mai haske.

Ummulkhairi22: Ki juya ta kawai, Flip Horizontal, dama ta koma hagu.

MamanIhsan_Kicin: Na gwada, sunan kamfanin da ke jikinta ya koma baibai.

Dan_Maradi: To juya teburin maimakon kular. Shi ba rubutu a jikinsa. Taga ta koma dama, sai ki sake inuwar ta tafi hagu.

Malam_Habu_Hoto: Dabarar Dan Maradi ta yi, ban kawo ta a raina ba. Sai dai Hajiya ki ƙara girman ɗamarar silbar nan ki duba. Ina ganin koren bangon shagonki a ciki, da farin ƙwan lantarki, da wata inuwa da nake zaton ke ce riƙe da waya. Ƙarfe mai sheƙi madubi ne, ɗakin da aka ɗauke shi yake nunawa, kuma ɗakin cin abincin nan ba shi da koren bango. In da hali, gobe da safe ki kai ta kusa da taga, ki kashe ƙwai, ki shimfiɗa farin kwali a ƙasa, wani kuma ki jingine a gefen da ba taga. In kin yi haka ma kin samu inuwar gaske a kan farin kwalin. Ki ajiye kwafin hoton da ba a cire bayansa ba a ƙarƙashin yankakkiyar kular, ki sa shi Multiply, ki ja Levels har kwalin ya zama fari fat. Farin zai ɓace, inuwar ta rage.

Hafsat_Pixel: Wannan ta fi tawa kyau in an samu, sai dai a kan farin kwali ƙasan kular zai ɗebo farin haske, alhali a kan katako ruwan ƙasa ya kamata ya haska ta daga ƙasa. Ni nakan ɗan shafa launin teburin a ƙasan kayan, Opacity 10 zuwa 15. Wasu na ba IC-Light ya sake haska kayan gaba ɗaya, amma ni ya sha canza min launi, kuma mai sayen kula ruwan madara ba ta son a kawo mata ruwan toka.

Baban_Walid: Na ƙirga ramukan. Na shago shida ne, na hoton biyar a ƙafa ɗaya, bakwai a ɗayar. Amma har yanzu ina nan kan bakana, inuwar da manhaja ke yi ta fi ta hannu kyau.

Hafsat_Pixel: Wani lokacin haka ne, ban musa ba. Ka rufe takalmin ka bar ta ta zana ƙasan kawai.

MamanIhsan_Kicin: Na juya teburin, na goge kofin bayan na gama kwaikwayon inuwarsa, kular na kan 360. Koren bangon dai yana nan cikin silbar, sai gobe in Allah ya kai mu in sake ɗauka a bakin taga. Malam Habu, tagar ɗakina gabas take kallo, rana na shigowa kai tsaye har wajen ƙarfe tara. In jira ta wuce, ko in saki labule?

Malam_Habu_Hoto: Inuwar da ke hoton teburin mai laushi ce, to rana kai tsaye ba za ta yi ba. In labulen fari ne mara kauri ki sake shi. In mai launi ne ki jira ƙarfe goma, kar ya rina miki kular.